Riga ɗaya, kala huɗu: yadda aka daidaita bidiyon wani ɗaurin aure a Katsina

Yadda aikin yake tun farko

Wani matashi ne mai ɗaukar bidiyon biki a cikin garin Katsina, shagonshi na wajen Ƙofar Ƙaura, kuma bai daɗe da fara karɓar aiki da kanshi ba, da can yaron wani ne yana riƙe mashi fitila da ƙafar kyamara. Aka ba shi aikin ɗaurin aure da walima a watan Janairu, lokacin da hazo ya sauka sosai, biki ne na yini guda, ranar Asabar. Kayan aikinshi kyamara ɗaya ce da yake riƙewa da kanshi, sai waya da ya ba ƙaninshi ya riƙa ɗaukar gefe da jama'a. Alƙawarin da ya yi ma dangin ango shi ne bidiyo na minti 25, a kawo ranar Juma'a mai zuwa.

Ango ya sa farar shadda, babbar riga da 'yar ciki, kuma bai canza kaya ba tun safe har dare. Wannan rigar ita ta tona asirin aikin daga baya, don tana cikin kusan kowace ɗauka.

Asabar: wuri huɗu, haske huɗu

Ƙarfe 11 na safe aka ɗaura aure a ƙofar gida, fili ne, rana ta fito amma hazo ya tausasa ta. A nan mai bidiyon ya saita farin kyamararshi, wato abin da ke nuna mata irin hasken da za ta ɗauka a matsayin fari, da hannu a kan 5600K, wanda shi ne ma'aunin hasken rana, kuma daidai ya yi. Matsalar dai bai sake taɓa wannan saitin ba har aka tashi. Wayar kuwa a kan otomatik take, ita ke zaɓar ma kanta abin da take ganin fari ne.

Wajen ƙarfe 1 aka koma ƙarƙashin kanofi don cin abinci, kanofin kuma ja ne, rana na bugun shi daga sama, duk wanda ke zaune a ƙasa jan haske ne ke sauka a fuskarshi da kayanshi. Bayan la'asar ango ya shiga falo gaida iyaye mata, a falon akwai ƙwayayen fitila masu ruwan ɗorawa irin na 3000K, ga kuma taga babba a hagu da labulenta a buɗe, hasken waje na shigowa. Da dare aka yi walima a tsakar gida, babu wutar NEPA sai janareta, fitilun kuma fararen LED ne masu araha, irin waɗanda ake rubuta 6500K a kwalinsu amma haskensu na da ɗan kore-kore da ido ba ya kamawa a wurin.

Shi a wurin bai ga komai ba, kuma ba abin mamaki ba ne, idon mutum yana sabawa da haske cikin ɗan lokaci, ka shiga falo mai jan ƙwai farar riga fara za ka gan ta. Kyamarar da aka ce ma 5600K kuwa ba ta sabawa, abin da ya shigo mata shi take rubutawa.

Lahadi: abin da ya fito a laftof

Da ya jera kilif-kilif ɗin ya yanka, sai ga rigar ango fara tas a ƙofar gida, ruwan hoda a ƙarƙashin kanofi, ruwan ƙwai a falo, da dare kuma ta koma wani shuɗi-shuɗi mai kore. Fuskoki ma haka, a falo kowa ya yi jajir kamar an shafa mashi manja, a walima kuma fata ta yi toka-toka. Abin ya fi muni a inda ya haɗa ɗaukar kyamara da ta waya a wuri ɗaya, za ka ga mutum yana magana, a yanka zuwa gefe, sai kalar ɗakin gaba ɗaya ta canza alhali daƙiƙa ɗaya ce tsakani. Ya tura ma ƙanwar ango guntun minti biyu ta gani, amsar da ta dawo da ita ita ce Hajiya na tambaya wai riga nawa yaron nan ya sa ranar.

Litinin da Talata: abubuwa uku da ya gwada

Na farko filta. Ya zaɓi wata mai ɗan ɗumi ya shimfiɗa ma bidiyon duka daga farko har ƙarshe, da tunanin in komai ya sha kala ɗaya zai zama ɗaya. Bai zama ba. Filta ƙari ɗaya take yi ma kowace ɗauka, ba ruwanta da inda ɗaukar ta taso, kamar ka tsoma farin yadi da ja da ruwan ɗorawa a rini guda ne, kowanne da kalar da zai fito da ita. Ta waje ta yi kyau, ta dare ta ɗan gyaru, ta falo da dama can ja ce ta ƙara ƙonewa.

Na biyu, a manhajar editin ta DaVinci Resolve ya ɗauki ɗan tsinken nan na White Balance da ake dangwala ma abu fari, ya riƙa dangwala shi a rigar ango a kowane kilif. Nan ma sakamakon ya fito a hargitse, kuma dalili biyu ne. Farar shadda ba fara ce tsantsa ba, masaƙa na sa mata sinadarin da ke sa fari ya yi ƙyalli, masu wanki kuma su ƙara da bula, don haka tana da ɗan shuɗi a jikinta. In ka ce ma manhaja wannan shi ne fari, sai ta cire shuɗin daga hoton duka, komai ya karkata zuwa ruwan ɗorawa. Sannan shadda mai sheƙi ce, inda haske ya bugi kafaɗa wurin ya ƙone, babu wani bayanin kala da ya rage a ciki, in tsinken ya faɗa nan babu abin kirki da zai karanto. Dangwalawa biyu a riga ɗaya, tazarar ɗan yatsa, sai su ba shi kala biyu.

Na uku ya gwada Shot Match to This Clip, wato ka zaɓi ɗauka ɗaya ka ce ma manhajar ta mayar da sauran kamarta. Tsakanin ɗauka biyu na ƙofar gida ya yi aiki ba laifi. Da ya ce a mayar da ta falo kamar ta waje sai abin ya lalace, don manhajar kalolin da ke cikin hoton take kwatantawa, ba ta san cewa a falo mata ne cike da ankon atamfa kore ba, a waje kuma maza ne da fararen kaya da jar ƙasa. Ƙoƙarin da ta yi na daidaita waɗannan biyun sai ya ɓata fata.

Akwai kuma wani abu da bai lura da shi ba sai daga baya, laftof ɗin nashi Night light na kunna kanshi bayan magariba, sikirin ya koma ruwan ɗorawa, to duk gyaran da ya yi da ido cikin dare ya zuba shuɗi fiye da kima, da safe ya buɗe ya ga wani abu daban.

Laraba da safe: an koma ma'auni

Ranar Laraba ya ɗauki laftof ya tafi wurin tsohon maigidanshi, wanda ya daɗe yana editin. Abin da ya fara ce mashi shi ne, "Kai yaro, goge duk abin da ka yi, ka kashe wannan abin na dare, ka rufe labule. Idonka ƙarya shika yi maka, ma'auni za mu bi." Yaron ya ce, "Oga ai ni ban iya karanta waɗannan zane-zanen ba." Ya ce mashi uku ne kawai, kuma ɗaya bayan ɗaya ake duba su.

Suka shiga shafin Color suka buɗe Scopes. Kafin su taɓa komai sai da suka zaɓi ɗauka ɗaya da za ta zama uwa, wadda duk sauran za su bi. Sun ɗauki ta ƙofar gida inda ango ke tsaye ana gaisawa, saboda ita ce haskenta ya dace da saitin kyamara, fuskarshi ta fito, rigar ta fito, ga kuma fararen kujerun roba na haya a bayanshi. Waɗannan kujerun su suka ceci aikin, don suna nan a ƙofar gida, suna nan a kanofi, suna nan a walima, kuma ba su da bula ba su da sheƙin shadda.

Aikin farko haske ne, ba kala ba. A Waveform, wanda ke nuna duhu a ƙasa wajen 0 da haske a sama wajen 1023, suka ga hazo ya ɗaga baƙin hoton, wuri mafi duhu yana wajen 120, shi ya sa hoton ya yi fari-fari kamar an yayyafa mashi gari. Suka ja Lift ƙasa har duhun ya sauka wajen 30, suka daidaita Gain har farar riga ta tsaya tsakanin 850 da 900, sai Gamma suka ɗan motsa har gefen fuskar ango mai haske ya zauna wajen 400. Maigidan ya ja kunnenshi a nan, ya ce kar ya kuskura ya riƙa ɗaga fuskar baƙin mutum sama don wai ta yi haske, abin da ake so shi ne inda fuskar ango ta zauna a wannan ɗaukar, nan za ta zauna a sauran.

Sai kala. Parade yana raba hoton gida uku, ja da kore da shuɗi a jere, kuma ƙa'idar mai sauƙi ce, abin da yake fari ko toka na gaskiya dole ukun su tsaya a tsayi ɗaya a wurinshi. Suka zagaye kujera ɗaya da Power Window na ɗan lokaci don ma'aunin ya nuna ita kaɗai, ja ya ɗan fi shuɗi da kaɗan saboda ƙurar hazo, suka gyara da ɗan taɓa Temp. Da kujera ta daidaita sai suka duba rigar, shuɗinta ya fi ja da kamar 20. Suka rubuta wannan a takarda, don haka rigar take a gaskiya, kuma haka ake so ta fito ko'ina.

Na uku Vectorscope, suka kunna Show Skin Tone Indicator, wani layi ne da ke tashi daga tsakiya zuwa sama ta hagu, tsakanin ja da ruwan ɗorawa. Fatar mutum, baƙi ne ko fari, kusa da wannan layin take faɗawa, bambancin yana wajen haske da kaurin kala ne. Suka zagaye goshin ango, ɗigon ya kwanta a kan layin. Nan suka yi Grab Still, hoton ya shiga Gallery, ya zama abin da za a riƙa jerawa da kowace ɗauka rabi da rabi a sikirin.

Laraba da rana: walima da kanofi

Walimar dare ta fi sauƙi, shi ya sa suka fara da ita. Haske iri ɗaya ne a wurin duka, to gyara ɗaya ya isa. A kan kujera Parade ya nuna kore a sama, shuɗi na bin shi, ja a ƙasa. Temp kaɗai ba ya maganin wannan, don shi tsakanin shuɗi da ruwan lemu yake aiki, kore kuwa aikin Tint ne, a tura shi ɓangaren ruwan hoda har koren ya sauko, sannan a ɗan ɗumama da Temp. Fatar da ta yi toka ta dawo kan layi, suka ƙara Saturation daga 50 zuwa wajen 56 don irin waɗannan fitilun ba sa fito da jan da ke cikin fata sosai. Ba su ɗaga hasken ya kai na rana ba, dare ne, an bar shi ya yi kama da dare, rigar ta tsaya wajen 750. Da kilif ɗaya ya gyaru sai suka kwafa gyaran zuwa sauran na wurin, in ka zaɓi kilif ka danna maɓallin tsakiya na linzami a kan wanda aka gyara, gyaran zai hau, daga nan sai ɗan taɓa haske ɗaya-ɗaya.

Kanofi ya fi ba da wahala. A kan kujera ja yana can sama, kuma a wasu ɗaukar ya bugi rufi, ya kwanta a 1023 ya yi layi miƙaƙƙe. Wannan layin shi ne alamar an yi asara, kyamara ba ta rubuta abin da ya wuce nan ba. Da suka rage ja a Gain, jikin rigar ya koma fari, amma kafaɗu da hula inda jan ya ƙone sai suka juya zuwa shuɗi-kore, saboda an rage ja a wurin da dama bai cika ba. Maganin da maigidan ya yi shi ne lanƙwasar Lum vs Sat, ya sauke ƙarshenta na dama, ma'ana wurare mafi haske a cire masu kala su zama fari kawai. Sai matsala ta biyu, mutanen da ke tsaye a rana bayan kanofi su ba jan haske ke kansu ba, da aka rage ja sai suka koma kore. A nan suka tsaya a tsakiya, ba su cire jan duka ba, sun bar ja ya fi shuɗi da kamar 30 a kan kujera, don mai kallo yana ganin jan kanofi a saman hoton, ɗan ja a kaya ba zai dame shi ba.

Alhamis: falo da wayar ƙani

Falo shi ya ci yini. Babu kujerar roba, sai suka yi amfani da farar takardar ambulan da ke hannun wata gwaggo. Ma'aunin ya nuna ja wajen 900, kore 760, shuɗi 560, tazara mai yawa. Suka ja Gain ɓangaren shuɗi har ukun suka kusa haɗuwa wajen 800, sai abu biyu suka fito. Bango ya fara tsatsa-tsatsa da layi-layi, saboda bidiyon mai 8-bit ne, mataki 256 kawai kowace kala ke da shi, shuɗin kuma dama kaɗan aka rubuta, in ka miƙe shi da ƙarfi sai ya yage. Sannan duk gefen taga ya koma shuɗi fes, har da rabin fuskar Hajiya da ke zaune kusa da ita.

Wannan shi ne asalin haɗuwar haske biyu a hoto ɗaya, kuma babu lamba guda da za ta gyara duka biyun, in ka gyara ma ƙwai taga ta ɓaci, in ka gyara ma taga ɗaki ya ɓaci. Tambayar da maigidan ya yi ita ce wane haske ne a kan fuskar wanda ake kallo. Ango na durƙushe a tsakiyar ɗaki, ƙwai ne a kanshi, to ƙwai aka bi. Node na farko, wato matakin gyara na farko, ya gyara ɗakin, amma ba har ƙarshe ba, sun tsaya inda ja ke 830 shuɗi 770, ɗakin ya rage da ɗan ɗumi irin na cikin gida kuma bangon ya daina yagewa. Sai suka ƙara node na biyu da Alt+S, suka ja Power Window mai gangara daga gefen taga zuwa tsakiya, suka tausasa bakinshi sosai don kar a ga inda ya tsaya, a ciki suka mayar da ɗumi suka rage kaurin kala. A ɗaukar da kyamara ke kan ƙafa wannan ya zauna lafiya. A guda biyu da ya ɗauka da hannu yana yawo sai da suka bi da Tracker, ɗaya ta bi, ɗaya ta ƙi saboda mutane na gittawa, suka yanke ta suka bar daƙiƙa huɗu da ba a ganin taga.

Wayar kuma nata ciwon daban. Da yake a otomatik take, kalar na canzawa a cikin kilif ɗaya, mace mai koren mayafi ta gitta sai ɗakin ya yi hoda, ta wuce ya dawo. A Parade za ka ga ukun suna hawa da sauka alhali ba wanda ya taɓa fitila. Suka yanka kowane kilif a inda kalar ta juya, kowane guntu da gyaranshi, wurin juyawar kuma suka rufe shi da ɗaukar kyamara. Sun kuma rage ma wayar Saturation da Contrast, don waya na cika kala da kanta, in ba a rage ba ko farin ya daidaita za a gane wata na'ura ce daban. Wasu ɗaukar wayar na walima suna da baƙin layi mai gangarowa, rashin jituwa ne tsakanin saurin ɗaukar wayar da bugun wutar janareta, wannan ba matsalar kala ba ce kuma gyaran kala ba ya taɓa ta, an zubar da su.

Daga ƙarshe suka kalli bidiyon a jere ba tsayawa, suna lura da wurin yanka kawai, sannan suka fitar da minti ɗaya suka duba a waya biyu da talabijin ɗin shago, tunda a waya dangi za su kalla.

Juma'a: abin da aka kai

Bidiyon ya fito minti 23 maimakon 25. Rigar ango fara ce a wuri huɗun, da ɗan ja a kanofi da ɗan ɗumi a falo, fuskarshi kuma ba ta canza daga yanka zuwa yanka. Bangon falo in ka matsa kusa da babban sikirin za ka ga 'yar tsatsa, a waya ba a gani. Dangi sun karɓa, ba wanda ya sake maganar riga.

Hukunci

A ganina gwaji ukun farko hanya ɗaya suka faɗi, duk suna neman gajeriyar dabara guda da za ta yi ma kowace ɗauka, alhali kowane wuri da irin karkatar da ya yi. Abin da ya yi aiki shi ne jerin da aka bi, haske tukuna, sai fari a kan abin da aka tabbatar fari ne, sai fata, kuma kowace ɗauka ana auna ta da uwa guda ɗaya ba da wadda ke gabanta ba, don in kana bin ta gaba kuskure taruwa yake, kafin ka kai ƙarshe ka yi nisa da inda ka faro. Na kuma yarda da maigidan da ya ƙi kai gyaran kanofi da falo ƙarshe, bidiyo mai 8-bit ba ya jure irin wannan ja, kuma daidaiton da mai kallo ke nema a fuska da riga yake, ba a lambobi ba.

Inda nake ganin an yi asarar da ba ta dawowa wuri biyu ne, jan da ya ƙone a kanofi da layin janareta, su kam a wurin ɗauka ake tare su. Falon ma da an sauke labule an mayar da kyamara 3000K, ko a kashe ƙwan a bar taga kaɗai, da aikin Alhamis bai wuce awa ɗaya ba. Yanzu yaron yana yawo da farar takarda a aljihu, duk wurin da aka canza sai ya ɗauke ta daƙiƙa biyar a inda ango zai tsaya ya saita fari a kanta, wayar ƙanin kuma an kulle mata fari da haske, an mayar da ita firam 25 a daƙiƙa don ta dace da wutarmu mai 50Hz.